Waƙa na fita tas, kira na tsinkewa: haɗa waya da tsohon rediyon mota

Akwai ƙorafin da masu motoci 'yan Kwatano, musamman waɗanda suka haura shekara goma da ƙerawa, suke yawan kai wa masu gyaran rediyo da 'yan rewaya. Waya ta haɗu da rediyon mota ta Bulutut, karatu ko waƙa na fita tas daga lasifika, amma da zarar kira ya shigo sai murya ta riƙa tsinkewa. Kalma ɗaya ta fito, biyu su ɓace. Na can ɓangaren yana ta faɗin "Alhaji, ba na jin ka sosai, sake faɗa," har direba ya gaji ya ɗauki wayar ya kara a kunne, abin da tun farko aka haɗa Bulutut ɗin domin a guje masa.

Da yawa daga nan sai su yanke hukuncin cewa rediyon ya tsufa, su je su sayi sabo, ko su canja lasifika. Wani lokaci kuɗin ya tafi a banza, domin muryar kira tana iya lalacewa a wuri uku daban-daban: tsakanin waya da turken sabis, tsakanin waya da rediyo, ko kuma a makirfon da ke ɗaukar muryar direba. Kowanne da alamarsa, kowanne da maganinsa, kuma ana iya gane wanda ke da laifi cikin 'yan mintoci, mota na tsaye, ba a kashe ko sisi ba.

Abin da ya sa waƙa ba ta tsinkewa

Mutum yana ganin Bulutut abu ɗaya ne, alhali hanya biyu ce waya ke bi ta yi magana da rediyo. Waƙa da karatu da duk abin da ake kunnawa suna bin hanyar da ake kira A2DP. Kira kuwa yana bin wata hanya daban mai suna HFP. Ba sai an haddace sunayen ba, amma a kwalin rediyo da littafin mota haka ake rubuta su, don haka yana da kyau ido ya saba da su.

Bambancinsu kamar na gida mai tankin ruwa ne da gidan da ke sha kai tsaye daga famfo. Idan aka ɗauke ruwa na ɗan lokaci, mai tanki ba ya ma sani, amma mai famfo nan take zai ga ya ƙafe. Waƙa tana da tanki. Rediyo yana tara ɗan sauti a gaba kafin ya fitar, kuma idan wani guntu ya ɓace a iska, waya za ta sake turo shi kafin a kai wurinsa. Kira ba shi da wannan gata. Hira ce ake yi nan take, kuma da za a jinkirta murya domin a tara ta, da masu magana sun riƙa cin karo da juna. Saboda haka ana yanka murya gunduwa-gunduwa, kowane guntu bai kai kashi ɗaya cikin ɗari na sakan ba, a tura shi a kan lokacinsa. A tsarin farko na Bulutut, guntun da ya ɓace ya ɓace ke nan. Daga Bulutut 1.2 na shekarar 2003 aka ba da damar sake turawa, amma damar kaɗan ce ƙwarai. Wannan guntun da ya ɓace shi ne ramin da kake ji a tsakiyar kalma.

Don haka waƙa ta fita lafiya ba shaida ba ce cewa haɗin yana da ƙarfi. Ƙila yana ta zubar da guntaye, tankin ne ke rufa masa asiri.

A fara da haɗi mai tsabta

Kafin a nemi laifi, a tabbata haɗin farko ya yi daidai. A faka mota, a ja birkin hannu, a bar inji yana aiki don kada batir ya yi sanyi. Yawancin rediyon da ya zo da mota daga kamfani ba ya yarda a haɗa sabuwar waya mota na tafiya, kuma daidai ne, domin aikin yana buƙatar ido da hannu.

Abu na farko da mutane ke tsallakewa shi ne goge wayoyin da ke cikin rediyon. Motar da ta fito daga Amurka ko Turai takan zo da wayoyin mai ita na farko, da ta matarsa, da ta dillalin da ya tuƙo ta. Tsofaffin rediyo gurbinsu kaɗan ne. Tsarin HandsFreeLink na Honda, misali, waya shida yake riƙewa. Idan gurbi ya cika, sabuwar waya ba za ta shiga ba, rediyon kuma ba lallai ya faɗa maka dalili ba. A shiga sashen waya na rediyon a goge su duka. Idan an taɓa gwada haɗa wayarka a baya, a goge sunan motar daga cikin wayar ita ma: a Android ana taɓa "Forget" ko "Unpair", a iPhone "Forget This Device". Dole a goge a ɓangarorin biyu, domin lokacin haɗi waya da rediyo suna ajiye wata lambar sirri iri ɗaya. Idan ɗaya ya manta ɗaya yana riƙe da tsohuwar, sai ka ga suna haɗuwa suna rabuwa, ko waya ta ce ta kasa haɗawa.

Bayan haka sai a sa rediyon ya jira sabuwar waya. A tsofaffin motoci rediyon ne ke bayyana kansa, wayar ce ke nema. Jiran ba ya daɗewa, don haka a riga an buɗe shafin "Bluetooth" a waya tun kafin a danna na rediyon. Na'urorin da suka riga Bulutut 2.1 na shekarar 2007 lamba suke nema a rubuta. Wasu suna nuna ta a fuskarsu, wasu kuwa lambarsu ta kamfani ce, galibi 0000 ko 1234. Sababbi suna nuna lamba shida a waya da rediyo, kai dai ka duba sun yi daidai ka amince.

Akwai kuma waɗanda da baki ake ba su umarni. A Honda Accord ƙirar 2008 mai HandsFreeLink, ana danna maɓallin magana da ke jikin sitiyari a ce "Phone setup", a sake dannawa a ce "Pair", sannan mutum ya faɗi lamba huɗu da ya zaɓa da kansa, ya rubuta ta a waya idan sunan HandsFreeLink ya fito. Na'urar da kunnen Turancin Amurka aka yi ta, saboda haka a rufe gilashi, a kashe fanka, a jira ta yi ƙarar "tit" kafin a yi magana, a faɗi lambobin ɗaya bayan ɗaya.

Idan sun haɗu, a taɓa sunan motar a wayar Android. Za a ga maɓallai irin su "Phone calls", "Media audio" da "Contact sharing", ko da yake rubutun kan ɗan bambanta daga waya zuwa waya. Na farko shi ne na kira, na biyu na waƙa, na uku na tura lambobin mutane zuwa rediyo. Idan ba a ga na waƙa ba sam, ba lalacewa aka yi ba. Bulutut ɗin kamfani na Toyota Camry ƙirar 2007 zuwa 2009 da na wannan Accord ɗin na kira ne kaɗai, babu saitin da zai sa su kunna waƙa.

Gwaji biyu da ke nuna inda laifin yake

Nemi wani ɗan'uwa mai haƙuri ka kira shi, ka ce ya ƙirga daga ɗaya zuwa talatin a hankali, kai ma ka ƙirga masa. Ƙirga ta fi hira amfani a nan, domin a hira kunne yana cike gurbin kalmar da ta ɓace ba tare da ka lura ba, amma idan aka tsallake daga goma sha biyu zuwa goma sha biyar, babu musu.

Gwajin farko: ana cikin kiran, mayar da sautin daga mota zuwa wayar kanta. A fuskar kira akwai maɓallin zaɓen inda sauti zai fita. Kada ka matsar da motar, kada ka katse kiran. Idan tsinkewar ta biyo ka har cikin wayar, to Bulutut ba shi da laifi, sabis ne, naka ko na wanda ka kira. Wannan shi ne abin da ke faruwa a dogon titi tsakanin gari da gari, ko a kiran WhatsApp idan data ta yi rauni. Sabon rediyo ba zai gyara wannan ba ko nawa ne kuɗinsa. Idan kuwa murya ta washe da zarar ta dawo waya, laifin yana cikin motar.

Gwaji na biyu tambaya ce: wa ke jin tsinkewar? Idan kai ne kake jin muryarsa na yankewa a lasifika, ko dukanku biyu kuna ji, haɗin Bulutut ne ke zubar da guntaye. Idan kai kana jin sa sarai, shi ne kaɗai ke kuka da taka muryar, a fara zargin makirfo.

Idan haɗin ne

Bulutut yana aiki a zangon iska na "2.4 GHz". Ya raba zangon gida 79, yana tsalle daga gida zuwa gida sau 1,600 a sakan guda domin ya kauce wa hayaniya. Matsalar ita ce Waifai ma a wannan zangon yake, kuma ya fi Bulutut ƙarfi. A yawancin wayoyi ma Waifai da Bulutut ɗan guntun na'ura ɗaya suke amfani da shi, da eriya ɗaya, suna karɓa-karɓa. Idan ka kunna hotsifot, wani yana kallon bidiyo da datarka, eriyar tana shagala da wannan nauyin, muryarka kuma tana jiran layi alhali ba ta da lokacin jira.

A ɗauki misalin ɗan kasuwa mai zirga-zirga tsakanin Kano da Kaduna. Motarsa tana da rediyon kasuwa da aka sa mata shekaru da dama da suka wuce, mai kira da waƙa duka. Wayarsa sabuwa ce mai layi biyu, da lambobin mutane kusan dubu biyu. Yana ajiye ta a aljihun gefe na kaftani, yana sanye da agogo mai Bulutut, yaron shagonsa da ke gefe kuma yana jan data ta hotsifot ɗin maigida. Kukansa shi ne kira na yankewa sosai idan ya tashi mota da safe, sannan yakan dawo jefi-jefi a hanya.

Ya faka, ya kira ƙaninsa, aka yi ƙirga. Da sauti ya dawo waya, lambobi talatin suka fito cif, don haka an wanke sabis. A lasifika kuwa shi ma yana jin ramuka, ƙanin ma yana ji, saboda haka haɗin ne. Daga nan abu ɗaya ake canjawa a lokaci guda, a sake ƙirga, domin idan aka canja biyar tare ba za a san wanda ya yi aikin ba.

Ya fara da fito da wayar daga aljihu ya sa ta a mariƙi kusa da rediyo. An ce Bulutut ɗin waya yana kai mita goma, amma a fili ne. Jikin mutum galibinsa ruwa ne, ruwa kuma yana shanye wannan zangon, don haka wayar da ke danne tsakanin cinya da ƙofa tana magana ne ta cikin jikin mai ita. Ramukan suka ragu, ba su ƙare ba. Sai ya kashe hotsifot, ƙirga ta fito cikakkiya. Ya sake kunnawa, yaron ya buɗe bidiyo, tsinkewa ta dawo. Wannan komawa baya ita ce ke tabbatar da mai laifi, kuma ina ganin duk wanda ya tsallake ta zato kawai yake yi. Maganin ba sai an hana yaron data ba. A saitin hotsifot na wayoyi da yawa akwai zaɓin zango, sai a mayar da shi "5 GHz". A iPhone, maɓallin "Maximize Compatibility" ne ke tura shi "2.4 GHz", sai a kashe. Haka ma ƙaramar na'urar intanet ta aljihu: a ɗauke ta daga kan rediyo, ko a sauya mata zango idan tana da shi.

Saura tsinkewar safe. Duk lokacin da waya ta haɗu da rediyo, tsofaffin rediyo da yawa suna fara jan lambobin mutane da jerin kiraye-kiraye daga farko. An yi su ne a zamanin da waya ba ta ɗauke da lambobi masu yawa haka, wasu ma gurbinsu bai wuce dubu ɗaya ba. Idan kira ya shigo ana cikin wannan jan, ƙaramar ƙwaƙwalwar rediyon tana raba hankali biyu. Ya kashe "Contact sharing", wanda a iPhone ake kira "Sync Contacts". Abin da ya rasa shi ne sunan mai kira a fuskar rediyo, yanzu lamba kawai yake gani. A ganina ciniki ne mai riba.

Agogon bai zama mai laifi a wannan misali ba, amma ana gwada shi ta hanya ɗaya: a cire haɗinsa, a ƙirga. Wasu agogunan da abin sa wa a kunne su ma suna karɓar kira, sai su riƙa ja-in-ja da mota a kan wanda zai ɗauki muryar. Alamar wannan ita ce sauti ya ɓace daga lasifika gaba ɗaya na 'yan sakanni sannan ya dawo. Haka nan a rufe shafin "Bluetooth" na waya bayan an gama haɗi, domin muddin yana buɗe wayar tana ta neman sababbin na'urori. A kuma gwada zare cajar mota mai araha daga soket, wasunsu suna fitar da hayaniyar lantarki, sannan a kashe yanayin tattalin batir lokacin gwaji.

Akwai wata shawara da ke yawo a hannun masu gyaran waya: a taɓa "Build number" sau bakwai, a shiga "Developer options", a canja "Bluetooth AVRCP version" ko "Bluetooth audio codec". Wannan yana da amfaninsa, amma ba ga kira ba. Na farkon yana kula da maɓallan gaba da baya da sunan waƙa a fuskar rediyo, na biyun kuma da ingancin sautin waƙa. Duka biyun a hanyar waƙa suke, muryar kira ba ta bi ta nan.

Idan makirfo ne

A nan akwai abin da ke ruɗa mutane. Muryar wanda ka kira tana fita daga lasifika, makirfo kuma yana cikin motar yana jin ta. Da za a bar shi haka, mutumin zai riƙa jin amon muryarsa na dawo masa. Don haka rediyo yana da tsarin da ke danne wannan amon, tsofaffi kuma da ƙarfi suke yi: idan lasifika na magana, sai su toshe makirfo kusan gaba ɗaya. Idan ka ƙure ƙarar lasifika, tsarin yana toshewa fiye da kima, sai ya haɗa da muryarka. Alamarsa a fili take. Yana jin ka lafiya idan ya yi shiru, amma da ya ce "to" ko "na'am" sai farkon maganarka ya ɓace. A rage ƙarar rediyo ana cikin kira, domin yawancinsu ƙarar kira daban take da ta waƙa, a ƙara ta waya ta kusa ƙurewa, a sake ƙirga.

Iska ita ce ta biyu. Idan bakin esi na hura makirfo, ko gilashi na buɗe a kan babban titi, tsarin rage hayaniya yana ɗaukar muryarka a matsayin hayaniyar ya yanke ta. Makirfon kamfani yakan kasance a rufi, kusa da fitilar ciki, bayan wasu ƙananan ramuka da ƙurar hunturu ke toshewa. Buroshi mai laushi ya isa, kada a zura allura. Rediyon kasuwa kuwa yakan zo da makirfo mai doguwar waya, amma wasu masu sawa sukan bar shi a cusa bayan dashbod don gudun wahalar jan waya. Wurinsa shi ne jikin makarin rana ko saman sitiyari, yana kallon bakin direba, nesa da lasifika da bakin esi. Idan za a sayi sabo a tafi da tsohon, domin bakin wasu milimita 2.5 ne, na wasu 3.5.

Wani sautin kuma ba tsinkewa ba ne. Ƙarar "wiii" da ke hawa idan an taka totur, ta sauka idan an saki, daga lantarkin mota take shigowa, galibi inda aka haɗa ƙaramar na'urar Bulutut ta ramin AUX kuma ana ba ta wuta daga soket. Wannan aikin ɗan rewaya ne, ya duba wayar at ta rediyo, ko a sa ɗan abin da ke raba hayaniyar a kan wayar AUX ɗin. Masu amfani da na'urar da ke tura sauti ta tashar FM kuma, shuuu ɗin da suke ji yawanci wata tasha ce ta hau kan tasu. Lambar da babu kowa a kanta a Zariya tana iya zama ta wani gidan rediyo a Kano, sai an sake neman wadda ba kowa.

Inda gyara ya tsaya

Idan an bi duk wannan abin bai canja ba, a kashe waya a kunna, a kuma sa rediyon ya farka daga farko ta hanyar zare fis ɗinsa na ɗan lokaci. Amma a yi hattara: tsofaffin rediyon kamfani da yawa, har da na Honda, suna kulle kansu idan wuta ta ɗauke musu, sai an rubuta lambar sirri. A nemo lambar tukuna, takan kasance a wani kati cikin littafin mota ko a manne cikin akwatin dashbod. Mataki na ƙarshe a waya shi ne "Reset Wi-Fi, mobile & Bluetooth" a Android ko "Reset Network Settings" a iPhone, wanda zai goge kalmomin sirrin Waifai da aka ajiye. Kafin a kai nan, a ari wayar wani a haɗa ta da motar a yi ƙirga. Idan ita ma ta tsinke, na'urar Bulutut ɗin motar ce ta gaji.

Akwai kuma abin da ba ya gyaruwa. Sai a shekarar 2011, da HFP 1.6, aka shigo da murya mai faɗi, wadda ta ninka adadin sautin da ake ɗauka daga 8,000 zuwa 16,000 a sakan. Rediyon da ya riga wannan zai riƙa fitar da murya a dushe, irin ta tsohon tarho, ko da babu guntu ɗaya da ya ɓace. Wanda wannan ya dama, sai ya sa ƙaramar na'urar Bulutut mai nata makirfon ta ramin AUX, ko ya canja rediyon. Idan za a saya, a duba kwali a ga HFP 1.6 ko sama, a tabbata akwai makirfo na waje, a kuma yi kira da ƙirga a gaban mai shago kafin a biya, kada a tsaya a gwajin waƙa. Bayan an sa sabuwar na'urar, a goge sunan tsohon Bulutut ɗin motar daga waya, in ba haka ba duk lokacin da aka tashi mota su biyun za su riƙa fizgar kiran.